Buhun Ƙasa da Baka Biyu: Yadda Na Koyi Karanta Wasan Kwaikwayo da Fensir

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kura ko Bunkure ya san cewa da rani ba a wasa da maganar ruwa. Daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ruwa ke biyo babban kanal, ya rarrabu a ƙanana, har ya iso bakin gonakin shinkafa da alkama da tumatir. Wanda gonarsa ke kusa da ƙofar ruwa shi ke fara sha. Wanda ke can ƙarshen layi sai abin da aka rage masa. Gonar mahaifina tana ƙarshen layi, don haka tun ina ƙarami na san yadda fuskar mutum take idan ya kwana yana jiran ruwa bai zo ba.

Ina aji biyu na babbar sakandare malaminmu na Hausa ya rubuta mana ɗan gajeren wasan kwaikwayo, shafi goma sha biyu, wanda za mu nuna ranar rabon kyaututtuka a gaban iyaye. Labarin wani manomi ne da ake kira Kawu, wanda ya tare ruwa a daren da ya kamata Habu, ɗan marigayi ƙanensa, ya yi ban-ruwa. Ni aka ba Kawu. Na yi murna ƙwarai, domin a raina na riga na san shi. Akwai wani maƙwabcinmu na saman layi da nake ƙullace da shi, sai na ce ga dama ta samu, zan nuna wa gari irin halinsu.

A gwajin farko na shigo ina hura hanci, ina daka wa Habu tsawa, har na shuri buhun da ƙafa. 'Yan ajinmu suka yi ta dariya da tafi. Malam kuwa ko murmushi bai yi ba. Da muka gama ya karɓi takardata ya juya ta gaba da baya, ya gan ta fes, ba ɗigon rubutu ko ɗaya.

Ya ce, "Ka haddace?"

Na ce, "Tsaf, Malam."

Ya ce, "Maganar ka haddace. Wasan ba ka karanta shi ba tukuna. Ka san su wa za su zauna a gabanka ran nan? Na saman layi da na ƙarshen layi, a benci ɗaya. In ka yi musu wannan, rabinsu za su tashi da zagi a kunne, kuma ba ni na rubuta shi ba." Ya miƙo mini fensir ya ce in dawo da takardar ranar Litinin da rubutu a gefenta, kamar yadda malaman zaure ke yi wa littattafansu hashiya.

Ga fitowar da ake magana a kai. Na sa wa kowace magana lamba, domin shi ne abu na farko da Malam ya ce in yi, don in riƙa nuna wuri ba tare da dogon bayani ba.

(Dare. Bakin ƙaramin kanal. Kawu yana tsugune, ya danne buhun ƙasa a hanyar ruwa. Fitilarsa a kashe take. Habu ya shigo da tocila.)

1. HABU: Salamu alaikum. Wa ke nan? (Ya haska.) Kawu? Kai ne?

2. KAWU: (Bai ɗago ba.) Kashe abin nan, kana kashe mini ido.

3. HABU: Kawu, ai yau kwanana ne. Tumatirina ya fara fure, yau kwana tara bai sha ba.

4. KAWU: Kwananka? Tun ba a haife ka ba nake ban-ruwa a nan. (Ya ɗaga buhun kaɗan, ruwa ya fara wucewa, sai ya mayar da shi.)

5. HABU: To, gobe zan kai magana wurin shugaban ƙungiya.

6. KAWU: Kai ta inda ka ga dama. (Shiru. Habu ya juya zai tafi.) Habu. (Habu ya tsaya.) Yaya jikin babarka?

(Habu bai amsa ba. Ya kashe tocilar, ya fita.)

Na fara da abin da ke cikin baka biyu, wato umarnin da marubuci ke ba 'yan wasa, wanda ba a faɗinsa da baki a dandali. Da yawanmu tsallake shi muke yi idan muna karatu, kamar ba ya cikin littafin. Na zagaye kowane ɗaya da fensir, na ƙirga, na samu guda bakwai a wannan 'yar fitowa. Sannan na rubuta harafi ɗaya a gefen kowane: W idan yana faɗin wuri ko lokaci, K idan kayan wasa ne, M idan motsi ne, S idan shiru ne ko yanayin murya. Wannan rarrabewa ba ta da wahala, amma tana tilasta wa ido ya tsaya a inda ya saba wucewa da gudu.

Aikin gaske yana cikin tambayar da ke biye: shin abin da ke cikin baka ya yarda da abin da mutumin ya faɗa, ko ya ƙaryata shi? Inda suka yarda na sa alamar maki. Inda suka saɓa na sa gicciye. A nan ne jikina ya fara sanyi, domin duk maganganun Kawu guda uku gicciye suka samu.

Ku duba lamba ta 2. Ya ce hasken yana kashe masa ido, amma marubuci ya ce bai ɗago ba. Mutumin da kansa ke sunkuye, yaya tocila za ta shiga idonsa? Ashe ba idonsa yake karewa ba, fuskarsa yake ɓoyewa. Na koma bayanin farko na ga fitilarsa a kashe take. Duk ɗan manomi ya san wanda ke ban-ruwa a kwanansa da fitila yake yi, domin yana son ya ga inda ruwa ya kai a cikin kwami, yana kuma gudun maciji. Wanda ya zauna cikin duhu ba ya son a gan shi ne. Sai na rubuta a gefe: "Ya san ba kwanansa ba ne. Yana jin kunya. Hujja: fitila a kashe, kai a sunkuye."

Lamba ta 4 ta fi haka. Bakinsa yana cewa ya fi Habu haƙƙi, hannunsa kuwa yana ɗaga buhu yana sakin ruwa. Kuma ku lura da lokacin da ya yi hakan: nan take bayan ya ji cewa tumatirin ya fara fure. Kawu manomi ne, ya san idan ƙishirwa ta kama tumatir yana fure, furen zubewa yake, kuma furen da ya zube kwandon da ba za a kai Kwanar Gafan ba ne. Ya ji maganar har cikin ransa, ya saki, sannan wani abu ya sa ya mayar. Ni kuwa a gwaji shurin buhun na yi, abin da babu shi a takarda sam. Na cire motsin da marubuci ya sa, na kawo nawa, don ya dace da mutumin da nake jin haushi.

Daga nan na koma kan rikici. A da idan aka tambaye ni rikicin wasa sai in ce, "Suna faɗa a kan ruwa." Malam ya ce wannan ba amsa ba ce, sunan abin da ake faɗa a kai ne kawai. Ya koya mini jimla ɗaya da zan cike wa kowane ɗan wasa a saman fitowa: wane yana son kaza, amma kaza ya tare shi. Idan ba ka iya cike gurbin nan biyu ba, ba ka gano rikicin ba tukuna.

Na Habu ya zo da sauƙi a karon farko: yana son ruwa ya kai gonarsa a daren nan, amma buhun Kawu ya tare shi. Da na sake dubawa sai na ga ba buhun ba ne. Habu saurayi ne, Kawu dattijo, da ƙarfi ne da hannu ɗaya zai janye buhun. Me ya hana shi? Sau biyu ya kira shi Kawu kafin ya yi maganar ƙara. Na ja layi a ƙarƙashin kalmar duk inda ta fito. Abin da ya tare Habu shi ne wan mahaifinsa ne ke tsugune a wurin, kuma ɗa ba ya ture uba. Na goge "buhu" na rubuta "girman Kawu". A lamba ta 5 kuma bai ce Kawu ba, ya ce "To" kawai. Rashin kalmar ma magana ce.

Na Kawu ya fi wuya, domin gurbin "amma" ya ƙi cikuwa da Habu. Habu bai taɓa buhun ba, bai ɗaga murya ba. Wanda ya ɗaga buhun Kawu ne da kansa. Ke nan akwai rikici na biyu a cikin zuciyar Kawu: yana son ruwan, amma tausayin ɗan ƙanensa yana jan hannunsa. A bayan waɗannan biyu kuma akwai na uku, wanda ba wanda ya ambata shi a fitowar: ruwan da ke cikin kanal ɗin bai isa gona biyu a dare ɗaya ba. Na rubuta su uku a jere a gefen shafi: tsakanin mutum da mutum, tsakanin mutum da zuciyarsa, tsakanin mutane da halin da suke ciki.

Akwai wata alama da na ga amfaninta sosai. Duk inda rinjaye ya tashi daga hannun wani ya koma hannun wani, sai in ja dogon layi a kwance in raba shafin. A wannan fitowa layi biyu na ja. Daga farko zuwa lamba ta 4 Kawu ke da rinjaye, yana ba da umarni, Habu yana roƙo. A lamba ta 5 Habu ya ambaci ƙungiyar masu amfani da ruwa, wato ya fitar da maganar daga cikin gida zuwa gaban jama'a, sai ma'auni ya karkata. Layi na biyu yana daidai kalmar "Shiru". Bayan shirun nan Kawu ne ke kira, Habu ne ke da ikon amsawa ko ƙin amsawa. Mai ba da umarni ya koma mai roƙo, kuma ba a faɗi haka da baki ba ko sau ɗaya.

Saura tambaya ta uku, wadda ta fi kowace kayar da ɗalibi: me ya sa? Me ya sa ya mayar da buhun bayan ya ɗaga? A nan na yi kuskuren da nake son ku guje masa. Na rubuta a gefe da ƙwarin gwiwa: "Yana son Habu ya yi asara ya sayar masa da gonar marayu." Ya yi mini daɗi, domin ana jin irin wannan labari a gari.

Ranar Litinin Malam ya karanta hashiyata yana gyaɗa kai, har ya zo nan. Ya ɗora yatsa ya ce, "Wane shafi?"

Na ce, "Malam, ai irinsu haka suke yi."

Ya ce, "Ban tambaye ka irinsu ba. Wannan na cikin takarda na tambaye ka. Wane shafi?"

Na duba shafi goma sha biyun nan kaf, ba inda Kawu ya yi maganar sayen gona, ba inda wani ya zarge shi da haka, ba inda ya yi wani motsi da ke nuna haka. Daga gida na zo da dalilin. Na goge.

Malam ya ce dalilin ɗan wasa daga wuri uku kawai ake samo shi: abin da ya faɗa, abin da ya aikata, da abin da wasu suka faɗa a kansa. Kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Abin da mutum ya faɗa a gaban abokin rikicinsa shi ne mafi rauni, domin yana iya zama kare kai. Abin da wasu suka faɗa a kansa sai ka tambayi kanka ko masoyansa ne ko maƙiya. Abin da ya aikata, musamman lokacin da yake zaton ba mai ganinsa, shi ne mafi ƙarfi.

Da wannan ma'auni na sake bin wasan daga farko, ina neman Kawu shi kaɗai. A shafi na 4, fitowa ta biyu, wani dillali ya zo masa a zaure yana tuna masa kuɗin taki da irin da ya karɓa bashi, a kan zai biya idan ya ɗebi tumatir. Na sha karanta wurin, amma da yake maganata ba ta da yawa a ciki ban kula ba. A ƙarshen fitowar akwai baka biyu: matarsa ta yi sallama, sai ya naɗe takardar bashin ya tura cikin hularsa. Ga dalili a fili. Gonarsa ma tana fure, bashi yana wuyansa, kuma ko matarsa ba ta sani ba. Na koma fitowar dare na rubuta kusa da lamba ta 4: "Ya mayar domin tsoron bashi. Duba shafi na 4, takarda a hula." A shafi na 4 kuma na rubuta: "Duba shafi na 9." Irin wannan haɗa shafi da shafi shi ne ribar hashiya, domin marubucin wasa yakan shuka abu a kashi na farko ya girbe shi a na uku.

Kada wani ya ɗauka gano dalili wanke laifi ne. Kawu ya ci haƙƙin maraya, kuma wasan bai ɓoye haka ba. Amma wanda ya yi zalunci don mugunta da wanda ya yi don tsoro ba tafiya ɗaya suke yi a dandali ba, ba murya ɗaya ba, kuma ba amsa ɗaya za ka rubuta a kansu a jarrabawa ba.

Akwai wurin da fensir ya kai iyakarsa. Bayanin ƙarshe ya ce Habu ya kashe tocilar ya fita. Wata 'yar ajinmu ta ce biyayya ce, domin abu na farko da Kawu ya nema shi ne a kashe hasken, ga shi Habu ya rufa masa asiri. Wanda ya fito a Habu ya ce a'a, fushi ne, ba ya son ya ƙara ganin fuskarsa. Muka kai wa Malam, tunda shi ya rubuta. Ya ce duka biyun suna da hujja a shafin, kuma ba wani bayani da ya ƙaryata ɗaya daga ciki, don haka kowa ya riƙe nasa. Na sa alamar tambaya a wurin na rubuta fahimtar biyu. Bambancin wannan da maganar sayen gona shi ne, waɗannan daga takarda suka tsiro, waccan daga zuciyata.

Daga wannan aiki na fitar wa kaina da alamomi uku da nake gane cewa hashiyata ta kauce. Ta farko, idan abin da na rubuta siffa ce tsirara, kamar "mugu" ko "mai haƙuri", ba lambar shafi ko ta magana a gefenta. Ta biyu, idan fahimtata ba za ta tsaya ba sai na yi kamar ban ga wani baka biyu ba. Ta uku, idan ɗan wasa ba zai iya aikata abin da na rubuta ba. Ba wanda zai iya kwaikwayon "mugu" sai da hura hanci, amma kowa zai iya kwaikwayon "yana ɓoye fuskarsa".

Hanyar nan tana aiki a littattafan da kuke karantawa a aji. Ku ɗauki Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. Kowa zai iya cewa Malam Jatau ya auri Kyallu duk da gargaɗin da aka yi masa, ƙarshe ya yi nadama. Amma ku gwada cike masa jimlar nan ta "yana son kaza, amma kaza" a kowace fitowa da ya shigo, ku ja layi duk inda rinjaye ya tashi daga hannunsa ya koma hannunta. Idan kun tarar da fitowar da bayanin cikin bakanta kaɗan ne, ku nemi motsin a cikin maganar kanta: wanda ya ce "zauna mana" ya gaya muku cewa ɗayan yana tsaye, wanda aka gaishe shi bai amsa ba ya gaya muku akwai magana a ƙasa. In littafin na makaranta ne ko na aro, kada ku ɓata shi. Ku yanka farar takarda daidai tsawon shafin ku saƙala, ku rubuta lambar shafin a samanta.

Ranar wasa na tsuguna, ban ɗago ba. Na faɗi lamba ta 2 da ƙaramar murya. Da na ɗaga buhun na ƙirga uku a zuciyata kafin in mayar, kamar yadda na rubuta wa kaina a gefe, shirun kuma na bar shi ya kai ƙirga biyar. Ba wanda ya yi dariya. A cikin shirun nan na ji wani dattijo a benci na gaba ya ce, "Allah ya kyauta."

Da yamma muna komawa gida a kan babur, muna bin gefen kanal, Baba bai ce komai ba har muka wuce gonar maƙwabcin nan namu. Can ya rage gudu ya ce, "Wa ya ce ka ɗaga buhun nan ka mayar?"

Na ce, "A rubuce yake, Baba."

Ya yi ɗan shiru, sannan ya ce, "To, wanda ya rubuta ya taɓa kwana a bakin ruwa." Bai ƙara ba, ni ma ban tambaye shi a wane gefen buhun shi ya taɓa kwana ba.

Takardar tana nan a cikin akwatina a jami'a. Gefenta ya yi baƙi da fensir, kuma a shafi na 9 har yanzu ana ganin sawun wurin da na goge.